HOTO BA SHAIDA BA NE: MU DAINA CEWA "ORIJINA CE" A KAN KAYAN DA BA MU TAƁA BA



Kusan ba a yin mako guda ba a turo mana hoton wani kaya a zauren ƙungiya ba, da tambaya iri ɗaya a ƙasansa: "Don Allah ku duba mini, wannan orijina ne?" Yau bokitin fenti, gobe kwanon rufi, jibi famfo ko wayar wuta. Dalilin a fili yake. Muna zaune a Dei-Dei, ga kasuwar kayan gini, ga kasuwar katako, saboda haka 'yan uwanmu da ke Legas, Fatakwal, Kano ko ƙasar waje sun ɗauka cewa duk wanda ya kwana a nan ya san kaya. Mu kuma ba ma son mu ba su kunya. Kafin minti biyar wani ya rubuta "orijina ce ɗari bisa ɗari", wani ya ƙara da "saya kawai, babu matsala".

Ra'ayinmu shi ne mu daina wannan al'ada. Hoto kaɗai ba zai taɓa tabbatar da cewa kaya na asali ne ba, komai kyansa, komai ƙwarewar mai dubawa. Wanda aka tambaya kuma akwai hanyar da zai amsa da gaskiya, ya taimaki ɗan uwansa ba tare da ya ɗauki alhakin abin da bai sani ba. Za mu yi bayanin da wayar wuta, domin ita ce ta koya mana darasin, kuma ita ce kayan da idan aka yi kuskure a kanta ake binne kuskuren a cikin bango.

Kwanakin baya wani ɗan ƙungiyarmu da ke aiki a Legas yana gini a Saburi. Da aka zo wayarin, ƙaninsa ya shiga kasuwa ya samo waya mai lamba 2.5, wadda ake ja wa soket, rol goma, a farashin da ya ɗan yi ƙasa da na sauran shaguna. Ya ɗauki hoto uku: na takardar da ke manne a jikin rol, na rubutun da ke jikin robar wayar, da na bakin wayar inda jan ƙarfen ya leƙo. Mai ginin ya turo zaure. Mutum huɗu suka ce orijina ce. Mu da ke rubuta wannan muna cikinsu, ba za mu ɓoye ba. Sunan kamfanin daidai yake, tambarin daidai, rubutun jikin roba a tsare, jan ƙarfen kuma yana sheƙi. Aka tura kuɗi.

Sai da mai aikin wuta ya ja rol uku a cikin bututu, ya fara fere baki zai ɗaura soket, sannan hannunsa ya gaya masa wayar ta yi laushi da yawa. Ya kira mu. Muka yanki mita ɗaya, muka fere robar tas, muka auna kaurin jan ƙarfen da ma'aunin kauri irin na kanikawa. Waya mai lamba 2.5 ta silli ɗaya, kaurin jan ƙarfenta yakan kai kusan milimita 1.78. Wannan ta tsaya a 1.5. Muka ɗora ta a ƙaramin sikeli. Mita ɗaya ta jan ƙarfen 2.5 yakan yi kusan giram 22. Wannan ta ba mu 16. Jan ƙarfe ne na gaske, ba a haɗa shi da komai ba, amma an rage kusan kashi talatin cikin ɗari, aka ƙara kaurin roba domin daga waje ta yi daidai da ta asali.

Mai shagon ya karɓi rol bakwai da ba a taɓa ba bayan doguwar magana, ya rantse cewa shi ma kawo masa aka yi. Rol ukun da aka yanka sun zama asara, ga kuɗin zaro su da sake ja. Abin da ya fi mana ciwo shi ne maganar da mai ginin ya yi a waya, cikin sanyin murya: "Sakatare, ai da ba ku ce orijina ce ba, da ban tura kuɗin ba." Gaskiya ya faɗa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Mu tsaya a kan waɗannan alƙaluma kaɗan, domin a nan hujjar take. Bambancin da ke tsakanin 1.78 da 1.5 bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Babu idon da zai gane shi a hoton da aka ɗauka da hannu, a cikin shago, aka kuma turo ta WhatsApp, wanda yakan rage nauyin hoto kafin ya isar da shi. Amma wannan ɗan bambancin da ba a gani yana da aiki. Duk lokacin da waya ta sirance, wuta na shan wahalar wucewa, wahalar kuma zafi take zama. Wayar da aka rage wa kashi talatin za ta fitar da zafin da ya ɗara na ta asali da kusan kashi arba'in, a kan kaya iri ɗaya. Hita mai wat 3000 tana jan kusan amfiya 13. A haɗa ta da dutsen guga a layi ɗaya, a cikin bututun da ke binne a bango inda iska ba ta shiga, shekara da shekaru. Robar za ta bushe, ta tsage. Na'urar da ke yanke wuta a akwatin rarraba wuta kuma an zaɓe ta ne da zaton cewa wayar 2.5 ce cikakkiya, saboda haka ba lallai ta yanke a kan lokaci ba.

Wannan nau'in jabu ɗaya ke nan. Akwai wanda ya fi shi muni: wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe a sama. A hoto ja ce sharr, wani lokaci har ta fi ta gaske sheƙi. Sai an kankare ta da wuƙa farin cikin zai fito. Ba ta kai rabin nauyin jan ƙarfe ba, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Idan aka kanga mata wutar laita takan yi laushi ta lanƙwashe, ta gaske kuwa baƙi kawai za ta yi ta tsaya. A cikin gida, alminiyam yakan saki a ƙarƙashin kusar soket a hankali, mahaɗar ta yi sako-sako ta fara zafi. Akwai kuma wadda cikinta baƙin ƙarfe ne, wannan maganaɗisu ke tona ta. Akwai rol ɗin da aka rubuta masa mita 100 amma ba zai kai ba. Wani ma yadi 100 ne, wato mita 91 da ɗoriya. Ku duba duk waɗannan: nauyi, kauri, abin da ke ciki, tsawo. Babu ɗaya daga cikinsu da kyamara ke ɗauka.

Abin da kyamara ke ɗauka shi ne fuskar kaya: takarda, tambari, launi, rubutu. Wannan fuskar kuwa ita ce abin da mai yin jabu ya fi kashe wa kuɗi, domin ita ce mai saye ke kallo, kuma ita ce mafi arahar kwaikwayo. Buga takarda mai kyau bai kai kuɗin jan ƙarfen mita goma ba. A ƙasar nan ana yin waya mai inganci, akwai Cutix a Nnewi, akwai Coleman a jihar Ogun, akwai Nigerchin a Legas, da wasunsu. Sunan da ya yi kyau a kasuwa shi ɓarawo ke sha'awar ɗauka, babu mai kwaikwayon sunan da ba a nema. Saboda haka ganin babban suna a hoto bai rage haɗari ba ko kaɗan.

Haka zancen tambarin hukuma. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tana da tsarin MANCAP na kayan da aka ƙera a gida, da SONCAP na kayan da aka shigo da su. Tsare-tsare ne masu amfani, amma abin da suke tabbatarwa shi ne an duba kayan wani kamfani an ba shi takardar shaida. Ba su tabbatar da cewa wannan rol ɗin da ke cikin hoton daga wannan kamfanin ya fito ba. Tambari zane ne, injin da ya buga sunan kamfani zai iya buga shi. Hukumar NAFDAC ta gane haka tun tuni a harkar magani, shi ya sa a 2010 ta fito da tsarin kankare wani wuri a jikin kwalin magani a tura lambar da ke ciki ta saƙon waya. Ku lura da hikimar: ba a ce a kalli kwali ba, an ce a tambayi wani wuri dabam da mai jabu ba shi da iko a kai. Ko a nan ɗin ma, hoton lambar da wani ya riga ya kankare ba ya nuna komai, sai wadda mutum ya kankare da hannunsa.

Akwai kuma matsala ta ƙarshe wadda ta isa ita kaɗai. A ce hoton na kaya ne na asali, babu tantama. Wa ya tabbatar da cewa shi za a loda a mota? Ana iya ajiye rol ɗaya mai kyau a gaban shago domin ɗaukar hoto, sauran tara su fito daga sito. Ana iya turo hoton da aka sauko da shi daga shafin kamfani. Wannan shi ne cinikin biri a sama a zamanin waya. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma wanda ya kalli hoto bai ga kaya ba, ya ga abin da wani ya zaɓa ya nuna masa ne.

To hoto ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma ta gefe ɗaya. Hoto na iya nuna cewa akwai matsala, ba ya iya nuna cewa babu. Idan aka ga an yi kuskuren rubuta sunan kamfani, ko lambar da ke takarda ta saɓa da wadda ke jikin roba, ko farin alminiyam ya leƙo a bakin yanka, wannan dalili ne mai ƙarfi na a dakata. Idan kuwa ba a ga komai ba, abu biyu ne: ko kayan na asali ne, ko kuma jabu ne da aka yi da kyau. Hoto ba zai raba mana waɗannan biyun ba. Kuskurenmu a kan wayar Saburi ke nan. Mun duba ba mu ga aibi ba, sai muka fassara "ban ga aibi ba" zuwa "orijina ce". Maganganu biyu ne dabam.

Ko ta gefen gano aibin ma sai an yi hattara. Kamfanoni na canza takardarsu, launi na canzawa da hasken shago da irin wayar da aka ɗauki hoton. Mun ga inda wani ya rubuta "jabu ne, ku guje shi" a ƙarƙashin hoton da sunan shago ya fito a ciki, alhali sabon kwali ne kamfani ya fitar. Wannan zalunci ne ga ɗan kasuwa, kuma sunan da aka ɓata a zaure mai ɗaruruwan mutane ba ya gyaruwa da "a yi haƙuri". Wanda ya yi saurin cewa jabu da wanda ya yi saurin cewa orijina, cuta ɗaya ke damunsu: sun faɗi fiye da abin da suka sani.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce akwai dattawan kasuwa da suka shekara ashirin suna sayar da waya, kallo ɗaya suke yi su gane. Muna girmama su, kuma gaskiya ne sun fi mu ido. Amma ku je ku tsaya kusa da irin wannan dattijo ku ga yadda yake yi. Ba kallo kawai yake ba. Zai ɗaga rol ya ji nauyinsa, ya lanƙwasa bakin wayar, ya sa farce a roba, ya tambayi wa ya kawo. Ƙwarewarsa a hannunsa take da kuma sanin mutane. Hoto ya ƙwace masa duka biyun. Mafi yawan waɗanda suka san kaya da gaske, idan aka tura musu hoto, amsarsu ita ce "kawo in gani".

Za a kuma ce kasuwancin yanzu da hoto ake yi, wanda ke Legas ba zai hau mota ya zo duba rol goma ba. Haka ne. Ba mu ce a daina tura hoto ba. A yi amfani da shi wajen abin da ya iya: a tabbatar an fahimci juna a kan lamba, launi, yawa da sunan da ake so. Tabbatar da inganci kuwa a ɗora shi a kan mutum da zai je da ƙafarsa. Cikin ƙungiyar nan muna da masu aikin wuta, magina, kafintoci da masu aikin famfo, kuma kasuwar ba ta fi kuɗin keke-nafef daga gidajen yawancinmu ba.

Wasu kuma za su ce yanka wayar mutum a gabansa cin fuska ne. Ɗan kasuwa na gari ba ya jin haushin gwaji, musamman idan an gaya masa tun farko cewa za a biya kuɗin mitar da aka yanka. Sau da yawa ma gwajin na kare shi, domin shi kansa ana iya kawo masa gurɓataccen kaya bai sani ba. Wanda ya fusata don an nemi a auna, ya riga ya ba da amsa.

Ga abin da wanda ya je zai yi, kuma ba zai ci minti goma sha biyar ba. Shi zai zaɓi rol da kansa daga cikin waɗanda za a loda, kada ya karɓi wanda aka miƙo masa. Ya yanki mita ɗaya, ya fere. Ya kankare jan ƙarfen ya ga ko launinsa ɗaya har ciki, ya kanga maganaɗisu. Ya auna kauri: 2.5 ta kusanci 1.78, waya mai lamba 1.5 ta fitilu kuma ta kusanci 1.38. Ya ɗora a sikeli idan akwai. Ya ɗaga sauran rol ɗin ɗaya bayan ɗaya ya ji ko nauyinsu ya yi daidai da wanda aka gwada. Sannan ya karɓi rasit mai sunan shago, lambar shago, sunan kamfani, lambar waya da yawanta, a kuma rubuta cewa za a karɓi kaya idan aka same su ba daidai ba. Kada ya bar wurin sai an loda waɗanda ya taɓa.

Wannan gwajin ma yana da iyaka, kuma gaskiya ta ce mu faɗe ta. Ɗan ƙaramin saɓani, kamar 1.74 a maimakon 1.78, ba shaidar jabu ba ne, domin ma'auni na duniya da juriyar waya ga wuta yake hukunci: 2.5 kada ta wuce om 7.41 a kilomita ɗaya. Ƙaramar mitar gwajin wuta ta kasuwa ba ta auna abin da bai kai om ɗaya ba daidai. Gwajinmu kuma bai ce komai a kan ingancin roba ba, wannan sai ɗakin gwaji. Haka nan wayar da ta ci duk gwajin nan ta nuna jan ƙarfenta cikakke ne, ba ta nuna daga wane kamfani ta fito ba. Wannan sai ta hanyar tushe: saye daga dilan da kamfanin ya amince da shi, a kira kamfanin a lambar da aka samo daga wurinsu, ba wadda ke jikin takardar da ake zargi ba.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwa, duk wanda zai amsa irin wannan tambaya a zaure, ya faɗi abu uku: me ya duba, me ya gani, me bai duba ba. Wanda hoto kawai ya gani ya ce: "Yaya, a hoton nan ban ga abin zargi ba, amma hoto ba ya nuna kauri da nauyi. Kada ka biya a kan maganata." Wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba ya ce: "Rubutun jikin robar ya bambanta da wanda na saba gani. Ban ce jabu ba ne, amma a dakata a auna." Wanda ya je ya gwada ya ce: "Alhaji, na zaɓi rol ɗaya cikin goma, kaurinsa 1.77, jan ƙarfe ne har ciki. Sauran tara na ɗaga su nauyinsu ɗaya, ban yanka su ba. Roba ban san ingancinta ba." Wanda ya bi tushe ya ƙara da cewa: "Na kira kamfanin, sun ce wannan shagon dilansu ne." Kowace amsa a nan tana gaya wa mai kuɗi iya inda zai dogara da ita, shi kuma ya yanke shawara da idonsa a buɗe.

Kalmomin da muke so a ajiye su ne "ɗari bisa ɗari", "na ba ka garanti" da rantsuwa a kan hoto. Garanti na wanda zai biya ne idan abu ya lalace. Duk wanda zai rubuta "orijina ce" ya fara tambayar kansa: idan ta fito jabu, zan mayar masa da kuɗinsa? Idan amsar a'a ce, to ya rage maganar zuwa iya abin da ya sani. Haka kuma kada mu ruɗu da yawan masu amsa. Mu huɗu da muka ce wayar Saburi orijina ce, hoto ɗaya muka kalla, da makanta iri ɗaya, na biyu ma ya ga amsar na farko kafin ya rubuta tasa. Shaida ɗaya ce aka maimaita sau huɗu.

Masu tambaya su ma da nasu. Kada ku ji haushin wanda ya ce "ban sani ba sai na gani", shi ne ya fi ƙaunarku a ranar. Ku turo tambayar da wuri, kafin mota ta tsaya a bakin shago tana jira. Ku faɗi unguwar da ginin yake da irin kayan, domin a samu wanda ya san harkar ya je, ku kuma ba shi kuɗin mota da na mitar da za a yanka. Hoton da za ku turo kada sunan shago ko fuskar mai shago ta fito a ciki.

Ɗan uwanmu na Saburi ya sake wayarsa, gininsa na ci gaba, kuma ya yafe mana. Mun gode masa da ya yarda a ba da labarin. Duk wanda ke da ma'aunin kauri ko ƙaramin sikeli kuma zai iya ba da aro idan buƙata ta taso, ya sanar da mu a taro mai zuwa.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da dukiyoyinmu.

Sakataren Ƙungiya
Dei-Dei, Abuja